Kanta ce ko tusar jaki a tafin ƙafa, kuma wane magani ya fi?

Tambaya: Likita, aikin gadi nake yi, ina wuni a tsaye cikin takalmi sau-ciki. Shekara biyu ke nan wani ƙullutu mai tauri ya fito mini a tafin ƙafa, a ƙarƙashin yatsa na biyu, in na taka kamar na taka tsakuwa. Wanzami ya sha yanke mini shi amma yana dawowa. Yanzu kuma ɗana mai shekara 10 ya fitar da irinsa a dunduniya, da aka yanka nasa sai ya yi jini. Abu ɗaya ne? Ni na shafa masa? Wane magani ya fi?

Amsa: Malam, bisa ga alamun da ka bayar, na fi kyautata zaton cewa abubuwa biyu ne daban, naka kanta ce, na yaron kuma tusar jaki ce ta tafin ƙafa, don haka ba kai ka shafa masa ba. Tabbacin wannan sai an duba da ido an kuma kankare saman wurin, amma bambancin yana da sauƙin ganewa idan aka san abin da ake nema, kuma a kansa ne zaɓin magani ya dogara, domin maganin da ake sayarwa a kemis don su biyun iri ɗaya ne, alhali abin da ake son ya yi a jikin kowannensu daban yake.

Kanta ba cuta ce mai shiga jiki ba. Fata ce take kare kanta daga matsi. Duk inda ƙashi ya danne fata daga ciki, takalmi ko ƙasa kuma suka danne ta daga waje, kullum a wuri guda, saman fatar yakan ƙara kauri. Idan matsin ya bazu a wuri mai faɗi, sai a sami kanta shimfiɗaɗɗiya wadda ba ta cika yin ciwo ba, irin wadda manoma da masu yawo ba takalmi suke da ita. Idan kuwa matsin ya taru a ɗan ƙaramin wuri, sai mataccen kaurin ya dunƙule ya zama ƙwaya mai tauri, faɗinta a sama, tsininta yana kallon ciki, kuma wannan tsinin ne yake danna jijiyoyin da ke ƙarƙashinsa a duk taku. Wurin da ka ambata yana cikin wuraren da aka fi ganin haka, domin a nan ne kan ƙashin da yatsa na biyu yake zaune a kansa yake ɗaukar nauyi mai yawa, musamman ga wanda babban yatsansa ya karkata ko wanda yatsansa na biyu ya lanƙwashe. Ƙwayar kanta matacciyar fata ce zalla, babu jini a cikinta, kuma ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Tusar jaki kuwa ƙwayar cutar HPV ce take kawo ta, kuma nau'o'in da suka fi kama tafin ƙafa su ne na 1, 2, 4, 27 da 57. Ba su ne nau'o'in da ke jawo sankarar bakin mahaifa ba, kuma allurar rigakafin da ake yi wa 'yan mata ba don waɗannan aka yi ta ba. Ƙwayar cutar tana shiga ne ta ɗan tsagewar fata, kamar faso ko ƙujewa, an fi ɗaukarta kuma a jiƙaƙƙen daɓe inda mutane da yawa suke takawa ba takalmi, irin banɗakin makarantar kwana da wurin wanka na haɗaka. Takan ɗauki watanni kafin ta bayyana, shi ya sa da wuya a gane inda aka ɗauko ta. Da ta shiga, sai ta sa ƙwayoyin saman fata su yi ta hayayyafa, ƙananan hanyoyin jini kuma su miƙo cikin tsiron suna ciyar da shi. A hannu tana tsirowa waje a gan ta, a tafin ƙafa kuwa nauyin jiki ne yake tura ta ciki, kanta kuma ta rufe samanta, wannan ne ya sa ake rikita su. Mutane sukan ce tana da saiwa har ƙashi, amma ba haka ba ne, duk zurfinta a cikin saman fata take. Yara da matasa ne suka fi yin ta.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne kankarewa, kuma a asibiti ya kamata a yi shi da sabuwar aska. Ana ɗauke mataccen saman sannu a hankali, ɓawo bayan ɓawo. Idan kanta ce, abin da zai bayyana shi ne ƙwaya mai santsi, launinta rawaya-rawaya, haske yana ɗan ratsa ta, kuma ana ci gaba da kankarewa tana ƙanƙancewa ba tare da jini ba. Idan tusar jaki ce, za a ga farin nama mai laushi da kaushi-kaushi, da ƙananan ɗigo baƙaƙe ko jajaye a cikinsa, waɗanda su ne bakin hanyoyin jinin da suka toshe, kuma ana ƙara kankarewa kaɗan sai jini ya tsattsafo ɗigo-ɗigo. Jinin da ɗanka ya yi alama ce mai ƙarfi, sai dai ba hujja ce yankakkiya ba, domin ko kanta ce, idan reza ta zarce zuwa lafiyayyen nama dole ta yi jini.

Akwai alamu biyu da za ka iya dubawa a gida ba tare da ka yanka komai ba. Ta farko ita ce zanen fata. Tafin ƙafa yana da siraran layuka irin na kan yatsun hannu, kuma bayan an wanke ƙafa an duba da haske mai kyau, za a ga layukan suna bi ta kan kanta suna wucewa, amma idan suka iso bakin tusar jaki sai su katse ko su kewaye ta. Ta biyu ita ce yadda ciwon yake. Ka danna ƙullutun kai tsaye da yatsa, sannan ka kama shi gefe da gefe ka matse: kanta ta fi ciwo idan an danna ta daga sama, tusar jaki ta fi ciwo idan an matse ta daga gefe. Wurin da abin ya fito ma yana taimakawa, domin kanta ba ta fitowa sai inda ake samun matsi ko gogayya, tusar jaki kuwa tana iya fitowa ko'ina, har da tsakiyar tafin ƙafa inda ba ya taɓa ƙasa, kuma takan haifi 'ya'ya a kusa da ita. Yaro ɗan shekara 10 da wuya ya yi kanta mai ƙwaya a dunduniya, sai dai idan akwai ƙusa ko ƙullin ɗinki a takalminsa, ko kuma ƙaya ko sartse ya karye a ciki fata ta rufe shi, abin da ya kamata a tambaye shi.

Bari mu fara da taka. Dalilin dawowarta bayan kowane yanka shi ne cewa an cire abin da matsi ya haifar, amma matsin yana nan. Wanzami yakan share sama ya bar ƙwayar, ko ya haƙo ta har ya ji wa naman ƙasa rauni. A asibiti ana kankare kaurin, sannan a ƙwaƙulo ƙwayar da bakin aska, kuma aikin ba ya buƙatar allurar kashe zafi tun da mataccen abu ake cirewa. Yawanci mutum yakan ji sauƙi tun kafin ya fita daga ɗakin. Amma idan ya koma cikin takalmin nan ba a canja komai ba, cikin makonni kaɗan zuwa wata biyu ko uku za ta sake taruwa.

Sauke matsin shi ne ainihin maganin, kuma yana da matakai. Ka fara da duba cikin takalminka: ka zaro shimfiɗar ciki, ka ga inda ta lotsa ko ta huje, ka kuma shafa da hannu ko akwai ƙusa ko tudu daidai wurin. Takalmin da ya dace shi ne wanda yake da faɗi a gaba, ya bar kimanin santimita ɗaya tsakanin yatsa mafi tsawo da bakinsa, dunduniyarsa ba ta da tudu sosai, domin tudun dunduniya yana tura nauyi zuwa gaban ƙafa. An fi so a gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Bayan haka sai a sa matashi mai laushi, kaurinsa kamar milimita 5, a yanke masa rami ko baki daidai girman kantar, a manna shi yadda zai kewaye ta. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗora audugar ko soson a kan kantar kai tsaye, wanda hakan ƙara matsi yake yi. Ana kuma iya sa ɗan tudu mai laushi a bayan kawunan ƙasusuwan, wato ɗan baya da inda ciwon yake, don ya ɗage nauyin. Ka haɗa da jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi na minti goma, ka goge da dutsen goge kaushi sau biyu ko uku a mako, ka kuma shafa man da ke ɗauke da yuriya kashi 20 cikin 100 ko sama da haka, domin yana tausasa kaurin.

Filastar kanta da ake sayarwa tana ɗauke da salisilik asid, yawanci kashi 40 cikin 100, aikinta kuma narkar da mataccen kauri ne. An taɓa gwada ta a Ingila a kan mutum 202, aka wallafa sakamakon a 2013: bayan wata uku, kanta ta ɓace a kashi 34 cikin 100 na waɗanda aka sa wa filastar, a kashi 21 kuma na waɗanda aka kankare musu da aska kawai. Ke nan filastar tana da amfani, amma a lura cewa a wannan gwajin ƙwararru ne suke manna ta suna kuma duba ƙafar, sannan ko a hakan mafi yawan mutanen ba su rabu da kantar ba. Asid ɗin ba ya bambance mataccen nama da mai rai, don haka idan filastar ta zame, wanda yakan faru a ƙafar da ke gumi cikin sau-ciki, lafiyayyar fata za ta ci. A ganina, ga mai wuni a tsaye kamarka, kankarewa a asibiti tare da gyaran takalmi sun fi filastar. Tiyata ba ta shigowa sai idan karkatar ƙashi ce take kawo matsin kuma duk dabaru sun gaza, a nan ma ƙashin ake gyarawa, domin yanke fatar kaɗai ba ya hana ta dawowa.

Na yaron kuma lissafinsa daban ne, domin babu maganin da yake kashe ƙwayar cutar kai tsaye. Garkuwar jiki ce take kawar da ita, duk magungunan da ake amfani da su suna lalata naman da ya kamu ne, suna kuma tsokano garkuwar ta lura da wurin. A yara, kusan biyu cikin uku na tusar jaki sukan ɓace da kansu cikin shekara biyu, a manya kuwa takan fi daɗewa. Saboda haka idan ba ta yi masa ciwo, ba ta hana shi tafiya ko wasa, ba ta kuma yaɗuwa, barin ta zaɓi ne mai kyau, ba sakaci ba ne. Wannan ɓacewa da kanta ita ce kuma ta sa kowane gari yake da maganin gargajiyar da ake rantsuwa da shi, domin duk abin da aka shafa a watan da za ta tafi shi zai karɓi yabon.

Idan tana ciwo, abin farawa shi ne salisilik asid, ko na ruwa wanda yawanci kashi 17 cikin 100 ne, ko filasta mai kashi 40. Yadda ake amfani da shi ya fi ƙarfinsa muhimmanci. Kowane dare a jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi na minti biyar zuwa goma, a goge farin mataccen naman da ya taso da dutse ko takardar gogewa da aka ware wa wannan wurin kaɗai, a tsane ƙafar, a shafa basilin a fatar da ke kewaye, a ɗiga maganin a kan tsiron kawai, a bar shi ya bushe, sannan a rufe da filasta. Ba a gogewa har jini ya fito. Idan wurin ya yi ja yana zafi, a dakata kwana biyu ko uku sannan a ci gaba. Ana yin haka har mako 12 kafin a ce bai yi aiki ba, kuma yawancin waɗanda suke cewa maganin bai yi musu ba, da aka bincika sai a tarar sun daina a mako na biyu ko na uku, ko kuma suna ɗigawa a kan kaurin da ba su goge ba. Alamar warkewa ita ce ɗigon baƙin ya ɓace kuma layukan fata su dawo su ratsa wurin. Idan aka tsaya kafin haka, saura kaɗan ɗin da aka bari zai sake girma.

Hanya ta biyu ita ce daskararwa da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Likitan fata yakan kankare saman, ya fesa ko ya dangwala na 'yan daƙiƙoƙi, a maimaita bayan kowane mako biyu ko uku, har kamar wata uku. Mutane suna ɗauka cewa tun da na'ura ce a asibiti dole ta fi maganin kemis, amma a tafin ƙafa gwaji bai nuna haka ba. Wani bincike da aka yi a Birtaniya da Ayalan a kan mutum 240, wanda aka wallafa a 2011, ya kwatanta daskararwa da salisilik asid mai kashi 50, kuma bayan mako 12 kashi 14 cikin 100 ne kawai suka warke a kowane ɓangare, bayan wata shida kuma kusan kashi ɗaya cikin uku a duka biyun. Wani da aka yi a Holan, aka wallafa a 2010, ya nuna cewa daskararwa ta fi aiki a kan tusar jaki ta hannu da sauran jiki, amma a tafin ƙafa bambancin da ke tsakaninta da asid da kuma jira kawai bai taka kara ya karya ba. Dalilin shi ne kaurin fatar tafin ƙafa yana tare sanyin. Ga shi kuma tana da zafi sosai, tana tayar da bororo, tana iya barin farin tabo a baƙar fata, tana da tsada, ba a kuma samunta sai a manyan asibitoci. Ga yaro ɗan shekara 10 ba ita zan fara zaɓa ba.

Abin da na fi gargaɗi a kansa shi ne yankewa ko ƙonawa da wutar lantarki a wurin da ake takawa. Tusar jaki tana tafiya watarana, amma tabon da tiyata ta bari a dunduniya yana iya yin ciwo a duk taku har ƙarshen rayuwa, kuma bayan duk wannan tana iya sake tsirowa a bakin tabon. Sauran hanyoyi, irin su allurai a cikin tsiron da hasken leza, na likitan fata ne ga wadda ta ƙi jin magani bayan watanni. Ruwan batir da sauran abubuwa masu cin nama da wasu suke ɗigawa suna haifar da gyambon da ya fi abin da ake magani muni. Rezar da aka yi wa wani aiki da ita kuma tana iya kawo ciwon hanta, sannan rezar da aka yanka tasa da ita, idan aka taɓa wani wuri da ita, tana iya dasa ƙwayar cutar a can. Kada ku haɗa dutsen goge ƙafa, tawul ko silifa da shi, kuma ya riƙa sa silifa a banɗaki, ba sai an hana shi makaranta ko ƙwallo ba.

Akwai mutanen da duk bayanin asid da gogewa da ke sama bai shafe su ba, kuma ina so ka tabbatar ba ka cikinsu kafin ka sayi komai. Mai ciwon suga, da wanda ƙafarsa take yin sanyi ko take mutuwa ba ya jin taɓawa, da wanda jini ba ya gudana sosai a ƙafarsa, kada ya sa filastar kanta, kada kuma ya bari a yanka masa a gida. A ƙafar mai ciwon suga, kanta takan ɓoye gyambo a ƙarƙashinta, kuma idan aka ga duhun jini a cikin kaurin, alama ce cewa naman ƙasa ya fara lalacewa. Ƙafafu da yawa da aka yanke a asibiti daga ƙaramin rauni irin wannan suka fara. Idan ka haura shekara 40 kuma ba ka taɓa auna suga ba, ka auna kafin a taɓa ƙafar.

Sannan ba duk ƙullutun tafin ƙafa ne ɗaya daga cikin biyun nan ba. A baƙar fata, tafin ƙafa shi ne wurin da sankarar fata mai suna melanoma ta fi fitowa, kuma akan daɗe ana yi mata maganin kanta ko tusar jaki kafin a gane. Duk tabon da yake baƙi ko launinsa ya gauraya, bakinsa ba daidai ba, yana faɗaɗa, yana jini da kansa, ko ya zama gyambon da ya ƙi warkewa, yana buƙatar a yanki ɗan nama a auna, haka nan tsiron da ya daɗe a ƙafar babban mutum yana girma duk da magani. Tusar jaki da yawa da suka fito wa babba lokaci guda suka kuma ƙi magani dalili ne na auna garkuwar jiki, har da gwajin cutar ƙanjamau. Ku je tare da yaron a duba ku a zama ɗaya, ka kuma tafi da takalmin da kake aiki da shi, domin likita zai so ya ga cikinsa.